Yadda ake zaɓar kalmomin kusurwar kyamara da tsawon gilashi don kushin ta fito kamar gaske a hoton falo

Tambayar da aka fi yi mini kwanan nan ita ce, wai mutum ya rubuta umarni a manhajar haɗa hoto irin su Midjourney ko Stable Diffusion, ya faɗi kalar kushin, ya faɗi yadi, ya faɗi haske, komai ya fito tsaf amma da ka kalli hoton sai ka ji a jikinka cewa wannan kujerar ba ta gaske ba ce. Wani lokacin hannu ɗaya ya kumbura ya ninka ɗayan, wani lokacin kujerar ta yi tsawo kamar za ta ɗauki mutum bakwai, ko kuma ta fito 'yar mitsitsiya a tsakiyar ƙaton ɗaki. Sai mutum ya yi ta ƙara `photorealistic, 8k, ultra detailed` yana ƙona kiredit, alhali matsalar ba a nan take ba. Mafi yawan lokuta matsalar ita ce inda aka tsayar da kyamarar, wato tsayinta daga ƙasa, nisanta da kujera, da lambar gilashin kyamarar, wato `lens`, da aka rubuta. To ga yadda nake bi, daki-daki, kuma zan ɗauki kujera ɗaya mu bi ta tun daga farko har ƙarshe.

Abin da za ka tanada ba shi da yawa: manhajar da kake aiki da ita, awon kujerar da na ɗakin, takarda da biro, sai wata manhaja kowace iri da za ka iya jan layi a kan hoto. Rubuta umarnin da Turanci, domin da shi akasarin manhajojin nan suka fi fahimtar kalmomin ɗaukar hoto, shi ya sa zan kawo su yadda ake buga su.

1. Fara da awo, kafin ka rubuta komai

Kujerar da za mu yi misali da ita mai zaman mutum uku ce, tsawonta santimita 220, zurfinta daga gaba zuwa baya 90, wurin zama yana da tsayin 44 daga ƙasa, majingina kuma ta kai 85. Wannan shi ne kusan awon da za ka tarar a yawancin irin waɗannan kujerun. Falon kuma mita 4 ne a faɗi, 5.5 a tsawo, kujerar tana jingine da guntun bangon.

Me ya sa awon ɗaki? Saboda mai ɗaukar hoto na gaske ba zai iya ratsa bango ya ja baya ba. Kujera ta cinye santimita 90, saura mita 4.6, in ka cire wurin da mutum da ƙafar kyamara za su tsaya, abin da ya rage kamar mita 4 ne. Wannan mita 4 ɗin ita ce za ta yanke mana hukuncin gilashi a mataki na 4. Idon mai kallo ya ga dubban hotunan falo a rayuwarsa, ko bai san lissafi ba ya san irin nisan da ake tsayawa, da ka ba shi hoton da ba zai yiwu a ɗauka a cikin ɗakin ba sai ya ji wani abu bai yi daidai ba.

Gargaɗi a nan: kar ka zata in ka rubuta `220 cm` manhajar za ta auna. Ba ta awo. Awon naka ne, don ka san me kake nema kuma ka iya duba sakamako. A cikin umarnin abin da ke aiki shi ne ka faɗi abin da ake ƙirgawa da ido, kamar `three-seater sofa with three seat cushions`.

2. Tsayin kyamara daga ƙasa

Wannan shi ne matakin da na fi so mutane su tsaya a kai, don shi ake tsallakewa kuma shi ya fi gyara hoto.

Mutum a tsaye idonsa yana wajen santimita 150 zuwa 165 daga ƙasa. Kujerarmu kuwa gaba ɗayanta 85 ce. In kyamara tana daidai idon mutum a tsaye, dole a sunkuyar da ita don kujerar ta shigo tsakiya, kuma da an sunkuyar abu biyu ke faruwa: saman wurin zama ya buɗe ya yi faɗi sosai, ƙafafun kujera su ɓuya, sannan layukan bango da na ƙofa su fara karkacewa suna matsewa ta ƙasa. Irin hoton da mutum ke ɗauka da waya kenan in yana son sayar da tsohuwar kujera. Masu ɗaukar hoton cikin gida kan sauke kyamara zuwa tsakanin santimita 100 da 130, wato wajen cibiya zuwa ƙirji, kusan daidai idon wanda ke zaune a kujerar da ke fuskantarta. A wannan tsayin kana ganin saman wurin zama kaɗan, kana ganin gaban kujerar sosai, kana ganin ƙafafu da inuwar da ke ƙarƙashi, kuma wannan inuwar ita ce ke sa kujera ta zauna a ƙasa daram maimakon ta yi kamar tana shawagi.

Mu za mu ɗauki 110. Kalmomin su ne:

```
camera at seated eye level, about 110 cm above the floor
```

Kula da `eye level` shi kaɗai. Kalmar tana da fuska biyu, manhaja za ta iya ɗaukarta a matsayin idon mutum a tsaye, shi ya sa nake sa `seated` a gaba, ko na rubuta `waist-height camera`. Kuma kar ka ce tunda ana son saukewa bari in rubuta `low angle`, wannan kalmar a duniyar hoto tana nufin kyamara can ƙasa tana kallon sama, za ka samu kujera ta zama ƙatuwa, wurin zama ya ɓace gaba ɗaya, silin ya cika rabin hoton. Haka `high angle`, `bird's eye view` da `isometric`, su kuma suna mai da falon kamar ƙaramin samfurin gini da aka ɗora a tebur. Suna da amfaninsu in tsarin ɗaki kake son nunawa, amma ba a nan ba.

In kujerarka doguwar majingina gare ta, irin mai kai santimita 100 ko fiye, ɗaga kyamarar zuwa 125 ko 130. In kuma gajeriya ce mai kusan taɓa ƙasa, sauko zuwa 95 ko 100. Abin lura kawai, kyamara ta ɗara saman majingina da kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan.

3. Ta wane ɓangare za a kalle ta

Zaɓi biyu ne masu kyau, sauran duk wahala ce.

Na farko kai tsaye, kyamara tana fuskantar kujera da bangon bayanta sak. Ana rubuta `straight-on view, one-point perspective`. Wannan ya fi sauƙi ga manhaja, hannuwan biyu suna fitowa daidai wa daida, kuma kuskure ba ya yawa. Illarsa ita ce zurfin kujerar ba ya fitowa sosai, in haske bai zo ta gefe ba sai ta yi lafe kamar an manna ta a bango.

Na biyu shi ne ka ɗan matsa gefe, ka ga gaban kujera da gefen hannu ɗaya. Ana rubuta `three-quarter view`. Ni wannan na fi so ga kushin, domin a nan ake ganin kaurin soso, da yadda hannu ya lanƙwasa, da zurfin wurin zama. Amma kar juyin ya yi yawa, kamar digiri 30 ya isa, in ya kai 45 ko ya wuce sai kujerar ta fara gudu cikin hoton, ƙarshenta na nesa ya ƙanƙance. Tunda manhaja ba ta cika bin lambar digiri ba, ƙara bayanin abin da ake gani:

```
three-quarter view, slightly from the left, front and one armrest visible
```

Gargaɗi: zaɓi ɗaya. Na sha ganin umarnin da aka rubuta `front view` da `three-quarter view` da `side angle` duk a layi guda, sai manhajar ta raba gardama ta hanyar murɗe kujerar, rabi yana kallonka rabi yana kallon taga.

4. Lambar gilashi, da nisan da ke tafiya da ita

Ga abin da ya kamata ka riƙe: gilashi ba shi ne ke kumbura hannun kujera ba, kusanci ne. Gilashi mai ƙaramar lamba yana kwaso fili mai faɗi, saboda haka don kujera ta cika hoto sai an matso kusa da ita sosai, kuma da an matso, abin da ke kusa sai ya yi girma fiye da kima a kan na nesa. Mai babbar lamba kuma yana tilasta maka ja baya, sai girman abubuwa ya daidaita.

Lambobin da ake rubutawa ana nufin kyamarar da farantin da ke karɓar hoto a cikinta yake da milimita 36 a faɗi, 24 a tsayi. Lissafin faɗin da hoto zai kwaso mai sauƙi ne:

```
faɗi = nisa × 36 ÷ lambar gilashi
```

Mu gwada da namu. Mita 4 sau 36 a raba da 35, ya ba mu kamar mita 4.1. Kujera mai 2.2 za ta ci kusan rabin faɗin hoton da ɗan ɗoriya, saura fili hagu da dama na fitila da ƙaramin tebur. Daidai abin da ake so kenan, kuma ya yi daidai da faɗin falonmu.

Yanzu a ce muna son kujerar ta ci wannan girman dai a hoto amma da wani gilashin. Da 24mm sai mun matso zuwa mita 2.7. Da 16mm sai mita 1.8. Da 50mm sai mun ja baya zuwa 5.7, wanda ya fi tsawon falon ma gaba ɗaya. Da 85mm kusan mita 10.

To ga inda abin yake. Mun matsa gefen kujerar digiri 30, saboda haka hannun da ke kusa da mu ya fi na nesa kusanci da kamar mita 1.1. A nisan mita 4, na kusa yana 3.45, na nesa yana 4.55, wato na kusa zai fi na nesa girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ido na karɓar wannan ba gardama. A mita 2.7 na kusa ya zama ɗaya da rabin na nesa, an fara jin sa. A mita 1.8 kuwa na kusa yana 1.25, na nesa 2.35, ya kusa ninka shi biyu, kuma wannan shi ne kumburarren hannun nan da mutane ke kuka da shi. Ba yadi ba ne, ba haske ba ne, kyamarar ce ta shige wa kujera jiki.

Shi ya sa ga kujera a cikin falo na tsaka-tsaki nake farawa da `35mm lens`. In ɗakin ne abin nunawa kujerar tana ciki kawai, `24mm lens` ko `28mm lens` ya yi, da sharaɗin kujerar tana tsakiyar hoto, don a gefen gilashi mai faɗi abubuwa suna miƙewa su yi tsawo. In kujerar kaɗai ake tallatawa, bango da kafet kawai ke bayanta, `50mm lens` ya fi kyau, siffarta tana fitowa yadda kafinta ya yi ta. Shi 85mm ajiye shi sai za ka nuna ɗinki ko saƙar yadi a kusa.

Babban kuskuren da ake yi a wannan matakin shi ne rubuta `wide angle` saboda ana son ɗaki ya fito duka. Kalmar tana jan manhaja zuwa irin hotunan dillalan gidaje, waɗanda ake ɗauka daga lungu da gilashi mai faɗi sosai don ɗaki ya yi kamar fili. `ultra wide` da `fisheye` sun fi muni. In kana son a ga ɗaki, faɗi abubuwan da za a gani, taga, labule, fitila, ka bar kalmar faɗi.

Sannan wani abu da dole ka sani: manhajar haɗa hoto ba ta da gilashi a cikinta. Ta koyi cewa hotunan da aka yi wa laƙabi da `35mm` suna da wata irin kama, shi kenan. Har ma wani lokacin `35mm` shi kaɗai ta ɗauka tsohon fim ɗin kyamara kake nufi, ta zuba maka ɗigo-ɗigo da kalar tsohon hoto, shi ya sa kullum ka haɗa da `lens`. Kuma tunda lambar ba ta da ƙarfi ita kaɗai, tallafa mata da bayanin sakamakon:

```
35mm lens, camera about 4 meters from the sofa,
natural perspective, whole sofa in frame with space on both sides
```

In kuma a manhajar zane mai fuska uku kake aiki, irin su Blender, can lambobin na gaske ne, ka sa 35 a `Focal Length`, ka bar faɗin farantin a 36, ka ajiye kyamara a tsayin mita 1.1, lissafin nan zai fito maka cif.

5. Miƙar da layukan tsaye

Duba kowane hoton falo a mujallar gine-gine, za ka ga kusurwar bango, gefen ƙofa da gefen taga duk a miƙe suke sambal, suna tafiya daidai da gefen hoton. Dalili shi ne ba a sunkuyar da kyamara ba, ba a ɗaga ta ba. Ƙara wannan:

```
level camera, straight vertical lines, architectural interior photography
```

Gargaɗi mai muhimmanci: ƙwararru suna amfani da gilashin da ake kira `tilt-shift` don wannan aikin, sai mutane su ji su rubuta shi a umarni. Kar ka yi. A wurin manhajojin nan kalmar ta fi alaƙa da hotunan da ake dusashe sama da ƙasa don gari ya yi kamar kayan wasan yara, kuma haka za ta yi wa falonka. Faɗi abin da kake so ya fito, kar ka faɗi sunan na'urar.

6. Dusashewar baya

Mutane na son `bokeh`, `shallow depth of field`, `f/1.8`, saboda yana sa hoton mutum ya yi kyau. A kan kujera mai mita biyu da ake kallo daga mita huɗu, dusashewa mai yawa tana gaya wa ido cewa abin ƙarami ne kuma an matso kusa da shi. Hoton cikin gida ana ɗaukarsa ne a wajen f/8 zuwa f/11, wato an tsuke ƙofar gilashin, kyamara a kan ƙafa, komai ya fito tar daga tebur har bango. Rubuta `f/8, deep depth of field, sharp throughout` ka wuce.

7. Siffar hoton da abin da zai nuna girma

Kujera doguwa ce a kwance, saboda haka hoto a kwance ya fi dacewa da ita, 3:2 ko 4:3. A Midjourney `--ar 3:2` ne. In ka tilasta ta cikin hoton tsaye irin 9:16, ɗayan biyu ne, ko manhaja ta matse kujerar ta koma mai zaman mutum biyu, ko ta faɗaɗa kallon ta ƙaro silin da ƙasa masu yawa har ɗaki ya yi kamar rijiya. In dole sai hoton tsaye, gara ka yarda a yanke kujerar, a nuna hannu ɗaya da rabin wurin zama da 50mm, ko ka haɗa a kwance sannan ka ƙara sama da ƙasa daga baya.

Sai kuma ka sa abu ɗaya ko biyu da kowa ya san girmansu. Teburin tsakiya tsayinsa kan kai santimita 40 zuwa 45, kusan daidai da wurin zama. Ƙofa kamar mita 2 ce. Littafi a kan tebur, fitilar tsaye a gefe. Biyu sun isa, in ka cika kaya manhajar za ta ja kyamara baya don ta shigar da su duka, sai duk lissafin da muka yi ya rushe.

8. Haɗa umarnin

Jerin da nake bi: nau'in hoto da kujera a farko, kyamara nan da nan bayansu, sannan ɗaki, haske a ƙarshe. Kalmomin da suka zo da wuri sun fi samun nauyi a yawancin manhajojin, in ka jefa na kyamara can ƙarshen dogon rubutu sau da yawa ba a jin su.

```
Interior photograph of a grey linen three-seater sofa, three seat cushions,
three-quarter view slightly from the left, camera at seated eye level,
35mm lens, about 4 meters away, level camera, straight vertical lines,
whole sofa and its legs visible, low coffee table, door in background,
soft window light from the right, f/8 --ar 3:2
```

Ka lura na sa `its legs visible`. Wannan ƙaramar jimlar tana aiki biyu, tana hana a yanke ƙasan kujera, kuma tana tilasta kyamara ta sauko, domin daga sama ba a ganin ƙafafu.

Abubuwan da ba ka so kar ka rubuta su a cikin babban umarnin da `no` a gaba, don ambaton kalmar kawai na iya jawo ta. In manhajarka tana da gurbin `Negative prompt` zuba su can, a Midjourney kuma `--no fisheye, wide angle, tilt-shift`. Wasu manhajojin ba su da wannan gurbin sam, a nan sai dai ka ƙarfafa abin da kake so.

9. Gwaji ba tare da ɓarnar kiredit ba

Kowane gwaji yana cin kiredit ko lokacin na'ura, kuma ƙara girman hoto ya fi ci. Saboda haka kar ka ƙara girman komai sai kyamara ta zauna. Fitar da ƙananan hotuna, ka kafe lambar `seed`, wato lambar da manhaja ke fara haɗa hoto daga kanta, don kar komai ya sauya a lokaci guda, sannan ka riƙa canza abu ɗaya tak a kowane zagaye. Fara da tsayi, in ya yi ka koma kusurwa, in ta yi ka koma gilashi. Yadi, kala da filo su ne na ƙarshe. In ka canza kalma uku tare hoton ya gyaru, ba za ka san wace ce ta yi aikin ba, gobe sai ka sake lalube.

Sai dai ka sani, kafe `seed` ba ya nufin hoto ɗaya sak zai dawo in ka taɓa rubutun, yana rage tsalle-tsalle ne kawai.

10. Yadda za ka duba sakamakon

Kar ka tsaya a "ya yi kyau". Buɗe hoton ka ja layi.

Fara da layukan tsaye: ja layi miƙaƙƙe a kan kusurwar bango da gefen ƙofa. In suna matsewa ta ƙasa, kyamara ta sunkuya, wato ta yi sama da yawa, koma mataki na 2. In suna matsewa ta sama, ta yi ƙasa da yawa tana ɗaga kai.

Sai layukan da ke shiga cikin hoto. Bi gefen saman majingina da gefen gaban wurin zama da layin ƙasan kujera, ka tsawaita su zuwa ɓangaren da kujerar ke nisa. Ya kamata su nufi wuri ɗaya, kuma wurin ya faɗa a tsayi ɗaya da inda layukan tayil ko na gindin bango ke haɗuwa. Wannan tsayin shi ne tsayin kyamararka. A misalinmu zai ratsa kaɗan sama da majingina, kuma a jikin ƙofa zai bi ta ɗan saman mariƙi, tunda mariƙin ƙofa yana wajen mita ɗaya. In layukan kujera suna haɗuwa a wani tsayi, na ɗaki a wani daban, to an zana kujerar daga wata kyamara, ɗakin daga wata, irin wannan hoton ba ya gyaruwa da kwaskwarima, sake shi kawai.

Sannan kwatanta hannuwa biyu. Auna tsayinsu a kan allo, na kusa ya ɗara na nesa da kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. In ya kusa ninkawa, manhajar ta yi biris da 35 ɗinka, to rubuta `50mm lens` ko da 35 kake nufi, ka ƙara `photographed from across the room`. Ba laifi ba ne ka wuce gona da iri a lamba don ka samu kamar da kake so, tunda dai hoton ake dubawa ba rubutun ba.

Ƙirga matasan zama, uku ne kuwa, kuma suna raguwa a hankali daga kusa zuwa nesa? In na tsakiya ya fi na kusa faɗi akwai matsala. Duba ƙafafu, duk wadda ake gani ta taɓa ƙasa kuma da inuwa a gindinta. Ƙarshe kwatanta da ƙofa: in kujerar tana kusa da bangon da ƙofar take, majingina ta tsaya ƙasa da rabin ƙofar kaɗan. In ta kai kashi biyu cikin uku, kujerar ƙattai aka zana maka.

11. In kalmomi sun ƙi

Akwai lokacin da za ka yi duk wannan manhajar ta nace a kan nata kallon, musamman da kujera mai siffar L ko mai lanƙwasa, waɗanda ko a kyamarar gaske suna da wuyar sha'ani. Kar ka ci gaba da tara kalmomi. Ba ta hoton jagora. Ka iya ɗaukar hoton kowace kujera da wayarka, ka riƙe wayar a miƙe daidai cibiya, ka ja baya mita huɗu. Kula, babbar kyamarar yawancin wayoyi tana wajen 24 zuwa 26mm ne, saboda haka kar ka matso don cika hoto, tsaya a nesa ka yanke gefe daga baya, kuma kar ka taɓa maɓallin `0.5x`. Ko kuma ka jera akwatuna masu awon kujerar da ɗakin a Blender ka fitar da hoto mara ado.

A Stable Diffusion sai ka saka wannan hoton ta ControlNet, wato ƙarin da ke sa manhajar ta bi hoton jagora, ka zaɓi `depth` don ya riƙe nisa da siffa, ko `mlsd` wanda ke bin miƙaƙƙun layuka irin na bango da ƙofa. In ka yi haka, cire kalmomin kusurwa da na gilashi daga umarnin ko ka tabbatar sun yi daidai da hoton jagorar, domin in rubutu yana cewa kai tsaye hoto kuma yana cewa daga gefe, murɗaɗɗiyar kujerar nan ta mataki na 3 ce za ta dawo. Ga kujera mai siffar L, ɗauki hoton jagorar daga ɓangaren da kwanar ta buɗe, dogon ɓangaren yana nesa da kyamara, ka ɗaga zuwa santimita 120 ko 130 don a ga inda ɓangarorin biyu suka haɗu.